Allurar Gado Na Biyu

Aglaia Tofan ta shekara talatin da ɗaya tana aikin jinya, amma sai da ta kai hamsin da huɗu a duniya aka ce ta zo ta zauna gaban mutum uku su bincika ko ta san aikin.

Gurbi ɗaya ne tak, a sabon asibitin kuɗi da aka buɗe a babban garin gundumarsu, cikin ginin tsohuwar masaƙa. Daga ƙauyensu tafiyar minti arba'in ce a bas. Ke nan za ta iya zuwa aiki ta dawo ta tarar da mijinta Toader inda ta bar shi, don dama ba inda zai je: shekara biyu ke nan da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Idan gurbin nan ya kuɓuce mata, abin da ya rage shi ne abin da ya rage wa matan Romaniya da yawa masu shekarunta. Ta hau ƙaramar bas ɗin Italiya, ta je ta riƙa wanke tsohon wasu, ta bar nata a hannun ƙanwarsa Profira, wadda ko kaza aka ba ta ajiya sai ƙishirwa ta kashe ta.

Asibitin gwamnatin da ta yi shekara ashirin da biyar a ciki an rufe shi, yanzu tantabaru ne ke kwana a ɗakin tiyata. Daga nan ta yi shekara shida da likitan ƙauye, shi ma da kaka ya yi ritaya, ya kulle ƙofa ya tafi kiwon zuma. Wata biyar tana zaune. Ta kai takardunta wuri bakwai. Duk inda ta je sai a duba shekarar haihuwarta, a yaba mata gogewa, a raka ta har bakin ƙofa.

Olimpia Zaharia ce ta buga mata waya da labarin gurbin. Ita ce shugabar nas-nas a tsohon asibitin, shekara goma sha huɗu Aglaia tana ƙarƙashinta. Tana daga cikin mutanen nan da idan kwalekwale ya kife sai ka hango su a gaɓa ko gefen zanensu bai jiƙe ba: tun fenti bai bushe a sabon asibitin ba ta samu kujerar shugabar jinya. Ta ce tana cikin masu intabiyu, makinta na Aglaia ne. Likitan da zai zauna da su ba ya sauraron kowa, takwas cikin goma yake raba wa duk wanda ya shigo. Matsalar ita ce ta ukun, wata Iustina Marcu, wadda ta yi shekara tara tana jinya a Ingila, ta dawo aka ba ta ofishin kare majinyata daga kuskure.

"Tambaya uku take yi wa kowa," in ji Olimpia. "Yadda kike kare majinyaci, kuskuren magani da kika taɓa yi, da yadda kike kwantar da dangi idan sun birkice. Ta biyun ce tarkon. Kika ce ba ki taɓa kuskure ba, ta gama da ke. Yarinyar nan son kuskure take kamar ƙuda da zuma. Ki nemo mata ɗan ƙarami, mai tsabta, wanda bai taɓa lafiyar kowa ba."

"To, Doamna Olimpia," in ji Aglaia, don har yau da laƙabin girmamawa take kiranta.

"Ƙarami na ce, Aglaia."

Aglaia ta ji, ta kuma gane. Su biyun sun san wanda ba ƙarami ba.

'Yarta da ke aiki a waje ta turo mata amsoshi ta waya, waɗanda ta kwaso a intanet. Aglaia ta kwafe su a littafin makaranta, kwana uku Toader yana karɓar hadda. Sai ta jingina shi da filo biyu a kujerar kicin, ta maƙala masa tabarau, ta sa masa littafin a hannun da ke aiki. Ita kuma tana tuƙa mamaliga, tuwon masarar ƙasarsu, tana rerawa. Kuskuren da aka zaɓa mata shi ne wai wata rana ta makara da ba wani farasitamol da awa ɗaya, ta gaya wa likita, ta rubuta rahoto, ta koyi darasi.

Toader ya kalle ta ta saman tabarau. Tun da ciwon ya same shi maganarsa ta yi nauyi, amma bakin bai rasa kaifinsa ba.

"Wane darasi kika koya, tsohuwa?"

"Muhimmancin kula da lokaci."

"Ni jiya kin makara da nawa awa biyu, ban ga rahoto ba."

Ta ce ya karanta abin da ke gabansa ko ta ƙwace littafin. Ya ci gaba. Can ya ajiye, ya ce idan ta tafi Italiya ta tabbata ta bar wa Profira jerin magungunansa da manyan haruffa, don ita Profira har yau ba ta bambanta ƙwayar hawan jini da maɓallin riga. Ya faɗa ne kamar wasa. Aglaia ta juya masa baya ta ci gaba da tuƙi har tuwon ya fara kamawa a gindin tukunya.

Ranar Laraba da ƙarfe tara tana zaune a barandar sabon asibitin, sanye da kwat ɗin da ta ɗinka lokacin bikin 'yarta. Su bakwai ne masu neman gurbin, kuma duk sauran ta haife su. Kowace ta dunƙule kan wayarta tana motsa leɓe. Aglaia ce ta ƙarshe a jeri, sai kusan sha biyu aka kira ta.

Tebur ne dogo. Likitan yana gefen taga yana sa hannu a wasu takardu da ba su shafi kowa a ɗakin ba. Olimpia tana tsakiya, gashi ya sha rini, ta gaishe ta kamar yau ta fara ganinta. Iustina siririya ce, ba kwalliya, da biro da takarda mai layi-layi. Ita ce ta tashi ta miƙa mata hannu, abin da ya ƙara rikita Aglaia, don a saninta mai tashi ya gaishe ka a ofis yana shirin ce maka a'a ne.

Tambayar farko ba ta ba ta wahala ba. Ta yi maganar wanke hannu kafin taɓa majinyaci da bayan taɓa shi, da sauke gado ƙasa da ajiye ƙararrawa kusa da tsohon da zai iya faɗuwa, da juya wanda ba ya motsi kada jikinsa ya yi gyambo, da tambayar ko akwai maganin da jikin mutum ba ya karɓa. Ta lissafa abubuwa biyar da ake dubawa kafin a ba da magani: mutumin, maganin, adadinsa, hanyar da za a ba shi, da lokacin. Iustina ta tambaye ta yadda ake tabbatar da mutumin. Ta ce da abu biyu, cikakken suna da ranar haihuwa, kuma shi zai faɗa da bakinsa, sannan a gwada da abin hannunsa da takardar magani. Ba a cewa "Kai ne wane?", don tsoho mai nauyin kunne ko ka ce masa shi ne Paparoma zai gyaɗa kai.

Likitan ya yi 'yar dariya ba tare da ya ɗago ba. Olimpia ta gyaɗa kai. Aglaia ta ji numfashinta ya fara daidaita.

Sai ta biyu. Ta gyara zama ta rero labarin farasitamol tun daga farko har darasin kula da lokaci, ba ta tsallake kalma ba. Iustina ba ta rubuta komai ba. Ta ajiye biron a hankali.

"Doamna Tofan, ke ce ta biyar yau da ta makara da farasitamol awa ɗaya. Ɗaya ta ce minti arba'in, ita ce mai basira a cikinku. Su yara ne, wataƙila ba su yi aikin da za su yi kuskure ba tukuna. Ke shekara talatin da ɗaya. Idan wannan ne kaɗai, to ko dai ba ki lura da abin da hannunki ke yi, ko kuma ba ki faɗa. Dukansu biyun ba na so a ɗakin majinyata. Akwai wani, ko mu wuce?"

Biron ya koma hannunta, yana shawagi a kan akwatin maki. Aglaia ta san idan ya sauka an gama. Ta dubi Olimpia. Olimpia tana nazarin faratanta.

Abin da ya zo mata a rai ba Allah ba ne, ba kuma gaskiya ba. Tsanin bayan gida ne, matakala uku, da yadda take sa kafaɗarta a hammatar Toader ta ƙirga masa kafin ya ɗaga ƙafa. Profira ba za ta ƙirga ba.

"Akwai wani," ta ce.

Ta ba da shi a tsaye, ba ado. Shekara takwas da suka wuce ne, a ɗakin mata, cikin azumin da ake yi kafin Ista. A tsohon asibitin ba a kiran majinyaci da suna. Ɗaki na uku gado na biyu, ɗaki na biyar gado na huɗu, haka likita ke faɗa, haka ake rubutawa a jikin sirinji da alƙalami. Babu abin hannu, ba a taɓa sayo su ba. Ran nan nas biyu ne a kan mutum talatin da huɗu, ita kuma ta dawo daga hutun kwana biyu, ba ta san sababbin fuskoki ba. Gado na biyu a ɗaki na uku mai ciwon sukari ce, an rubuta mata insulin mai saurin aiki, awo goma sha shida, kafin abincin rana. Abin da ba wanda ya gaya wa Aglaia shi ne da safen nan an yi musaya. Gado na biyu yana jikin hitar ɗumama ɗaki. 'Yar wata tsohuwa mai ciwon huhu da ake kira Tanti Safta, wato gwaggo Safta, ita ce ta roƙi mai sukarin ta bar wa uwarta wurin ɗumi, ta haɗa mata da kwalbar zuma. Mai sukarin dama zafi ya dame ta, ta kwashi kayanta ta koma bakin taga. Takardun kuwa suna ofis, ba su san an yi ciniki ba.

Ta shiga da tire, ta ce gado na biyu, allura. Tanti Safta ta ɗage riga da murna, don a ƙauye wanda ba a yi wa allura ba ba a duba shi ba. Aka kawo miya da nama, tsohuwa ta ture, ita azumi take. Bayan kamar awa ɗaya mai sukarin ta leƙo baranda tana faɗa, wai yunwa za ta kashe ta, ina allurarta. A nan Aglaia ta gane wadda ta yi wa allurar.

"Me kika fara yi?" in ji Iustina. Yanzu tana rubutu.

Ta ce ta ruga wurin tsohuwar da na'urar awon sukari. Ta same ta sharkaf da gumi, hannu na rawa, tana kiran wata saniya da suna. Awo ya nuna talatin da takwas, sukari ya faɗi ƙasa ƙwarai. Ba ta ba ta komai ta baki ba don ba ta cikin hayyacin da za ta haɗiye. Ta tura abokiyar aikinta ta kira likita, ita ta nemi jijiya, likita ya zo ta gaya masa ainihin abin da ta yi da adadin da lokacin, ya sa aka ba da ruwan sukari mai ƙarfi ta jijiya, aka ɗaura wani yana ɗiga. Ta riƙa awo duk minti goma sha biyar har ya tsaya, sannan duk awa har yamma, don insulin yana daɗewa a jiki fiye da sukarin da aka zuba. Ita ma mai sukarin an auna ta, likita ya sake lissafa mata adadi. Tanti Safta ta farfaɗo, ta tambayi ko ruwan nan ya karya mata azumi. Bayan kwana tara ta koma gida da ƙafarta.

"Rahoto fa?"

"Ban rubuta ba."

"An gaya wa tsohuwar? Ko 'yarta?"

"An ce musu azumi ne ya kayar da ita."

"Likitan bai rubuta ba shi ma?"

"Ya rubuta azumi. Ya rasu yanzu, Allah ya ji ƙansa."

Iustina ta juya takardar Aglaia ta duba sunan tsohon asibitin, sannan ta dubi wadda ke zaune kusa da ita. Ba wawiya ba ce. Ta tambaya, da murya ɗaya da ta sauran tambayoyin, ko Aglaia ta sanar da shugabar nas-nas.

Gaskiyar ita ce ta sanar da ita mana. Kafin ma ta wanke hannu. Olimpia ce ta ja ta ɗakin ajiyar zannuwa ta rufe ƙofa, ta tuna mata cewa littafin rahoton kuskure na asibitin shekara goma sha ɗaya ba a ɗiga masa tawada ba, masu bincike duk zuwansu sai sun yaba, kuma ma'aikatar lafiya dalili kawai take nema ta rufe su. Layi ɗaya a littafin nan, mutum tamanin su rasa abinci. Olimpia ce kuma ta fita ta dafa kafaɗar 'yar tsohuwar ta yi mata faɗa a kan barin uwa mara lafiya tana azumi, har matar ta yi kuka ta nemi gafara. Littafin ya ci gaba da zama fari fat. Bayan shekara biyu aka rufe asibitin duk da haka, saboda wani dalili da ya shafi yawan gadaje.

Maki ɗaya cikin uku yana hannun matar nan mai nazarin farata.

"Tana hutu a makon," in ji Aglaia. "Ni kaɗai na yanke."

Olimpia ta ɗago, ta girgiza kai da alhini, kamar mai jin labarin a karon farko, ta ce abin takaici ne ƙwarai.

Tambaya ta uku Iustina ta ce ba sai an ƙirƙiro wani labari ba, ga shi a hannu. A ɗauka yau ne, a wannan asibitin. Ita Iustina ce 'yar Tanti Safta, ta dawo daga kantin magani ta tarar da uwarta da ruwa a hannu. Ta tashi tsaye, ta zagayo tebur, ta fara ɗaga murya, kuma ta iya, da alama an yi mata irinsa da yawa a Ingila. Me kuka yi wa uwata, da safe lafiyarta ƙalau, ku mahauta, zan kira 'yan jarida, zan kira 'yan sanda.

Aglaia ta miƙe. Ba ta ce mata ta kwantar da hankalinta ba, don ta daɗe da sanin ba abin da ke tunzura mutum kamar wannan. Ta bar ta ta zazzage. Da ta tsaya shan iska, sai ta ce, a hankali, mahaifiyarki tana raye, ta farfaɗo, likita ya gan ta, ana auna ta yanzu haka. Ta faɗi sunanta da aikinta. Ta jawo kujera biyu gefe, nesa da inda sauran majinyata za su ji, ta zauna tukuna don matar ta ga ba gudu za ta yi ba.

"Zan gaya miki abin da ya faru, ba zan rage komai ba. An yi wa mahaifiyarki allurar da ba tata ba, ta masu ciwon sukari. Ni na yi mata. Ban tambayi sunanta ba, lambar gado na bi. Shi ya sa sukarinta ya faɗi. Ba azuminta ba ne, ba kuma laifinki ba ne da kika canja mata gado. Ki yi haƙuri, na cuce ku."

Muryarta ta karye a kan maganar gadon. Ta ce za a riƙa awo har dare, ba za ta yi alƙawarin abin da ba ta sani ba amma likita zai zo ya amsa duk tambayarta, za a rubuta rahoto a bincika, kuma idan tana son kai ƙara ga inda ake kaiwa. Sannan ta tambaye ta ko tana so ta shiga ta riƙe hannun uwarta yanzu, ko a fara kira mata wani daga gida.

Likitan ma ya daina sa hannu, ya dube ta kamar yanzu aka shigo da ita. Iustina ta koma kujerarta ta yi rubutu mai tsawo. Ta ce an gode, za a liƙa sakamako gobe da rana.

A bas Aglaia ta yarda ta sa rai. Da ta isa gida Toader ya tambayi yadda farasitamol ya yi, ta ce ya yi aikinsa.

Washegari ba ta jira waya ba, ta sake hawa bas. Takardar tana liƙe a gilashin ƙofa. Sunanta ne na biyu, da bakwai da ɗigo sittin da shida. Ta farko, wata yarinya cikin masu farasitamol, tana da takwas cif. Aglaia ta karanta sau uku, ko lambobin za su ji kunya su canja.

Olimpia ta fito da kanta, da rigar sanyi a kafaɗa, ta ja ta bayan ginin inda ma'aikata ke shan taba. Ba ta yi wani kewaye-kewaye ba, wannan halin nata ne mai kyau. Iustina ta ba Aglaia goma. Likita takwas. Ita Olimpia ta ba ta biyar.

"Kin ce makinki nawa ne, Doamna Olimpia."

"Na kuma ce ƙarami. Kin san abin da ta ce bayan kin fita? Wai ke za ki riƙa ba sababbin nas-nas labarin nan duk wata, a matsayin darasi. Duk wata, Aglaia. Yau ina hutu, wata mai zuwa ina hutu, wata rana za ki gaji ki manta ina hutu. Saura shekara uku in yi ritaya."

"Na rufa miki asiri a gabanta."

"Kin rufa, na gani, na gode. Shi ya sa na fito da kaina."

Ta ciro 'yar takarda daga aljihu. Lambar wata 'yar'uwarta ce a Padova ta Italiya, wadda ta san wani gida da ke neman mai kula da tsoho, kuma sun fi son wadda ta iya allura. Ta cusa mata a aljihun kwat, ta gyara mata kwala, ta ce ta gaida Toader.

Aglaia ta tsaya a wurin har tabar wani da aka yar ta gama cin kanta a ƙasa. Sannan ta zagaya ta shiga ta babbar ƙofa, ta tambayi ofishin Iustina Marcu, ta hau bene.

Iustina ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa, ta bar ta ta yi magana ba ta katse ta ba. Aglaia ta gane salon, ita ma jiya shi ta yi. Ta faɗi komai: ɗakin zannuwa, farin littafi, faɗan da aka yi wa 'yar tsohuwar, da biyar ɗin yau. Tana magana tana jin yadda muryarta ke tashi kamar ta matan da ta saba jawo wa kujera.

Da ta gama, Iustina ta ce dama ta yi zargin haka tun jiya. Ta ce da a ɗakin Aglaia ta faɗa, da dole a dakatar da intabiyun a canja mai ba da maki, don ba a barin mutum ya auna wanda ke da labari a kansa. Yanzu an sa hannu, an kira yarinyar, Litinin za ta fara. Za ta kai maganar gaban shugaban asibitin idan Aglaia ta rubuta ta sa hannu, kuma akwai hanyar ƙorafi a kan maki. Amma ba za ta yaudare ta ba.

"Duk wanda ya karanta zai ga abu biyu. Jiya kin ce tana hutu, yau da kika faɗi kin ce tana nan. Ita za ta ce ɗacin faɗuwa ne. Likitan da zai raba ku ya mutu, littafin kuma babu komai a ciki. Ni na yarda da ke. Amma na tambaye ki kai tsaye, Doamna Tofan, kika dube ni kika faɗi abin da ba haka ba."

"Mijina ba ya iya hawa tsani shi kaɗai," in ji Aglaia. Ba ta san dalilin da ya sa ta faɗa ba. Ba ya cikin tambayoyin.

Iustina ta ce ta yi haƙuri, kuma da gaske take. Wataƙila a buɗe wani gurbi da kaka, idan masu asibitin sun yarda a ƙara gadaje, amma ba ta da tabbas. Ta tura mata fom da biro.

Aglaia ta cika shi. Ta rubuta rana da wata da shekara, da sunan tsohuwar, da adadin insulin, da sunan duk wanda ya sani, da kyakkyawan rubutun nan nata da likitoci ke yabo. Ya ɗauke ta minti ashirin. Ta sa hannu, Iustina ta buga hatimi ta sa shi a fayil, fayil ɗin ya shiga durowa.

A tasha, motocin ƙauye suna gefe ɗaya, na ƙasashen waje suna ɗaya gefen, kusa da mai sayar da burodi. Bas ɗinta saura rabin awa. Ta tsallaka. Direban Italiya yana zaune a bakin motarsa yana cin 'ya'yan sunfulawa yana tofar da ɓawo. Ta tambaye shi ranar tashi zuwa Padova, ya ce Alhamis da Lahadi, kwana ɗaya da wuni a hanya idan iyaka ba cunkoso. Jaka biyu, kada su wuce kilo arba'in, kuma ban da cuku mai wari, wancan makon wata ta sa duk motar ta yi amai.

"Padova, Tanti? Tsoho ko tsohuwa?"

"Tsoho."

"Sun fi sauƙi. Ta yau Alhamis ta cika. In sa ki a ta Lahadi?"

Ta ce ya sa ta a ta Lahadin sama, tana da wanda za ta koya wa aiki tukuna. Ya tambayi suna, ta faɗa, ya rubuta a bayan kwalin taba. Ta koma gefen motocin ƙauye, ta zauna a benci, ta nemo lambar Profira a waya. Sai da ta yi ƙara sau tara kafin a ɗauka.